Kafin in tura kuɗin laftof ɗin nan, ku duba mani wannan wasiƙar

Malam Sada: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin masana. Ɗiyata ta shiga aji uku a Jami'ar Umaru Musa, an matsa masu sai kowa ya mallaki kwamfuta. Na ga wata ta hannu a wani shafin saye da sayarwa, mai ita yana Kaduna. Abin da ya rubuta shi ne HP EliteBook 840 G5, Core i5 8th Gen, RAM 8GB, SSD 256GB, kuɗi naira dubu 260. Hoto huɗu ya sa: murfinta a rufe, kibod, sikirin a kunne, sai caja. Yayanta ya ja mani kunne kada in sayi wadda ba "ta takwas" ba, ni kau ban san ta takwas daga ta tara ba. Ga abin da na rubuta zan tura mashi, ku gyara mani:

"Salamu alaikum ɗan'uwa, da fatan kasuwa na albarka. Na ga kwamfutar da ka sa, ina da sha'awa. Don Allah ka ƙaro mani hotuna masu kyau ta kowane ɓangare domin in tabbatar ita ce wadda ka ce. Na gode."

Nura Layout: Wa alaikumus salam Baba. Ai ba sai kun wahalar da kanku ba. Na ga hoton da kuka sa, tambarin murfin irin sabon nan ne mai sanda-sanda huɗu a karkace. G3 da G4 tambarinsu zagaye ne, kuma suna da ramin VGA a gefe. Wannan G5 ce ba tantama, G5 kuma duk janareshan na takwas ne. Ga ma sitika nan a gefen kibod ta rubuta 8th Gen ɓaro-ɓaro. Ku tura kuɗi kafin wani ya riga ku.

Auwal Rafindadi: Nawa za a bari ƙarshe? Ina ciki idan batirin na riƙewa.

Nura Layout: Auwal saye zai yi, ba sayarwa ba. Ka riƙa karantawa mana.

Injiniya Bishir: Malam barka da yamma, ɗalibinku ne Bishir na Ƙofar Ƙaura. Don Allah kada ku tura wasiƙar nan yadda take. Ladabinta ya yi, amma ba ta nemi komai ba. In kuka ce wa ɗan kasuwa "hotuna masu kyau", zai goge murfi da tsumma, ya aza ta kan kafet, ya ɗauko maku guda goma masu sheƙi, kuma duk cikinsu babu wanda zai gaya maku abin da ke cikin injin. Shi a ganinshi ya cika alkawari. Sai kun ambaci wurin da za a ɗauka da sunanshi, da rubutun da kuke son ya fito a karanta.

Nura, rabin maganarka gaskiya ce. Tambarin nan mai sanda huɗu ya fitar da ita daga G3 da G4, na yarda. Amma ba duk G5 ce ta takwas ba. Lokacin da samfurin ya fito a 2018, an yi shi da furosesa ta takwas kamar i5-8250U da i5-8350U, an kuma yi wasu da ta bakwai, i5-7200U da i5-7300U. Jiki ɗaya, kibod ɗaya, tambari ɗaya. Ka ajiye su biyu kan teburina a kashe, ni kaina ba zan iya ware maka su da ido ba.

Nura Layout: To sitikar fa Injiniya? Ai kamfani ne ya manna.

Injiniya Bishir: Sitika kam har a leda ake sayar da ita. Kuma ko ba wanda ya yi niyyar cuta, fatar saman nan da kibod ke zaune a ciki ana canza ta in ta fashe, sai ta zo da sitikar injin da aka ciro ta. Duk wata alama da hannu zai iya ɓanɓarewa ko sukurdireba ta kwance, shaida ce mai rauni. Ana dubawa, amma ba a biyan dubu 260 a kanta.

Malam Sada: Bishir Allah ya yi albarka. To amma ka fahimtar da ni, bakwai da takwas ɗin nan tazarar ɗaya ce tak. Ta kai a tsaya ana wasiƙa a kanta?

Injiniya Bishir: Ta kai Malam, a wannan gaɓar musamman. Ku ɗauka kamar risho ne. i5-7300U mai kai biyu ce, i5-8350U mai kai huɗu. Duk sunansu Core i5, amma in yarinya ta buɗe aikinta da burauza da wata manhajar lissafi lokaci guda, mai kai huɗun ba za ta riƙa nishi kamar ɗayar ba. Na biyu, kuma shi ne dalilin da yayanta ya ja maku kunne: Windows 11 a hukumance daga janareshan na takwas ta fara karɓar irin waɗannan furosesa, ita kuma Windows 10 kamfanin Microsoft ya daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Kenan ta bakwai ta tsaya a bakin ƙofa. Shi ya sa ko a kasuwa kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Maman Ilham: Ni dai da na ga maganar nan sai da gabana ya faɗi, don irinta ta same ni bara da keken ɗinki. Na ce wa matar ta turo mani hoton lambar da ke jiki, ta turo mai kyau tas, na kai wa mai gyara ya ce asali ne. Da keken ya iso tasha, farantin lambar ma babu shi, ramukan ƙusa biyu kawai. Ashe hoton na wani keken ne daban. Na kira har na gaji. Malam ni shawarata ku hau mota ku je Kadunar ku gani da idonku, ko ku haƙura ku saya nan cikin gari.

Malam Sada: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Zuwa Kaduna da dawowa da kwana, ai ribar da nake hange ta tafi a mota. Nan gari kuma na zagaya, abin da na samu ya ɗara wannan kuɗin sosai.

Injiniya Bishir: Abin da ya sami Hajiya shi ne rami na biyu, kuma wasiƙar za ta iya toshe shi. Tambaya biyu ce ake son hoto ya amsa. Wane samfuri ne wannan? Sannan, hoton nan na injin da za a ɗoro mani a mota ne, ko na wani ne? Ta biyun ana maganinta da 'yar takarda: ya rubuta sunan da kuka ba shi da kwanan watan yau da biro, ya ajiye a gefen abin da yake ɗauka. Wanda ya kwaso hoto daga shafin wani ba zai iya wannan ba.

Malam ga yadda zan rubuta in ni ne. Ku sauya kalmomin su zama naku:

"Salamu alaikum Alhaji, ya kasuwa? Sunana Sada, daga Katsina. Na ga EliteBook 840 G5 da ka sa a dubu 260, kuma da gaske nake, kuɗin na hannu. Ɗiyata zan saya wa, yayanta ya ce lallai sai janareshan na takwas, ni kuma na ji samfurin nan ya zo iri biyu. Don kada mu yi wahalar aike da maidowa, ina roƙon abu uku. Na farko, ka kifa ta ka ɗauki ƙananan rubutun da ke murfin ƙasa, inda sunan samfuri da siriyal lamba da ProdID suke, yadda za a iya karantawa. Na biyu, ka kashe ta gaba ɗaya, ka kunna kana danna Esc, in jerin ya fito ka danna F1, ka ɗauki shafin System Information duka, da 'yar takarda mai sunana da kwanan watan yau a gefen sikirin. Na uku, ka koma ka danna F10 ka ɗauki abin da ya buɗe. In da hali ka turo su a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse su. In sun dace da abin da ka rubuta, yau ɗin nan za mu gama magana. Na gode, Allah ya ba da kasuwa."

Ku lura ban ce mashi ina zarginshi ba. Na ɗora wa yayanta da samfurin da ya zo iri biyu, wanda kuma gaskiya ne. Na kuma nuna mashi ciniki na kusa, don ba mai tashi ya yi wannan hidimar saboda ɗan tayi.

Lawal Daura: Ni sana'ata kenan, ina sayar da na hannu a nan Daura, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Wasiƙar Injiniya in ta zo mani zan amsa, don mutum ya san abin da yake so, minti biyar ta ishe ni. Wanda ke gajiyar da mu shi ne mai "ƙaro hoto", ka ƙara, "ƙaro wani", ka yi ashirin, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Amma abu ɗaya ba zan yi ba: siriyal lamba cikakkiya ba na ba wanda bai biya ba. An taɓa kwashe hotunana da lambar a jiki, aka buɗe wani shafi ana karɓar kuɗin mutane da su. Ina rufe haruffa huɗun ƙarshe da yatsa.

Injiniya Bishir: Alhaji Lawal uzurinka karɓaɓɓe ne, amma ka san abin da ka hana mai saye. Da lambar cikakkiya zai shiga shafin partsurfer.hp.com ya zuba ta, ya ga kayan da aka haɗa injin da su tun daga masana'anta. Da rabi ba zai iya ba.

Lawal Daura: Sai ya yi kiran bidiyo in nuna mashi ya kwafa da hannu. Hoto ne ba na bari ya zauna a wayar wani.

Injiniya Bishir: Wanda zai cuce ka ai yana iya ɗaukar hoton sikirin ana cikin kiran. Amma ba komai, ko shidan farko aka bari suna da amfani. A irin waɗannan injinan na HP lambar haruffa goma ce. Ukun farko na masana'anta ne, kamar 5CG. Na huɗu shi ne lambar ƙarshe ta shekara, biyun da ke biye kuma mako ne. In kun ga 5CG842, an yi ta a mako na 42 na 2018. In aka ce maku G5 ce kuka ga 5CG6, wato 2016, to murfin nan ba nata ba ne, don lokacin ba a haife ta ba. Babban abin dai shi ne a gwama lambar murfi da wadda ke cikin System Information, a ga ko sun zama ɗaya.

Nura Layout: Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai an sa mutum danne-dannen Esc? Ya shiga Settings ya buɗe About mana, ko ya buga wannan a Run:

```
msinfo32
```

Komai zai fito, System Model da Processor. Kuma ai a hoton da ya sa Windows 11 ce a kai. In ta bakwai ce ta yaya ta hau?

Injiniya Bishir: Ana ɗora ta ta bayan gida, Nura, kullum ana yi a shaguna. Akwai hanyar tsallake binciken, sai dai Microsoft ta ce ba ta lamunce wa irin wannan injin sabuntawa ba. Don haka ganin Windows 11 a sikirin bai tabbatar da komai ba. Umarnin da ka kawo yana da kyau in injin na gabanka. Daga nesa kuwa na fi son shafin BIOS, wato wanda F1 ke buɗewa, saboda sunan furosesa da Windows ke nunawa a About ana iya sauya shi a rajistar Windows, yaro mai wayo zai yi cikin minti biyu. Shafin F1 kuwa yana fitowa tun Windows ba ta farka ba, kuma furosesar a irin wannan injin a like take da bod, ba a cire ta a sa wata.

Ba na ce BIOS ba a taɓa shi ba. Masu gyara in sun canza bod suna da manhajar da suke rubuta siriyal da sunan samfuri da ita. Amma layin furosesa daga jikin ita kanta ake karanto shi, shi ne mafi wuyar yi wa ƙarya.

Maman Ilham: To shi F10 ɗin na mene ne, tunda F1 ya nuna komai?

Injiniya Bishir: Yawancin injinan nan daga ofisoshin Turai da Amurka aka sallamo su, Hajiya. Wasu suna zuwa da makulli a BIOS wanda ma'aikatar ta sa ta manta ba ta cire ba. In ya danna F10 aka nemi kalmar sirri, to ranar da za a sake lodin Windows ko a gyara wani saiti ana iya cijewa, kuma cire shi a wannan samfurin ba wasa ba ne, cire ƙaramin batir ba ya yi. Gara a sani tun kuɗi na aljihu.

Malam Sada: Na tura mashi kamar yadda Bishir ya tsara, na dai ƙara gaisuwa. Ya ce yana masallaci, in ya koma shago zai ɗauka.

Auwal Rafindadi: Ni fa har yanzu batirin nake tambaya. Ba wanda ya ce a ɗauki hoton batir.

Lawal Daura: Wannan wata wasiƙar ce Auwal. A fara sanin ko jakin ne kafin a duba taiki.

Malam Sada: To jama'a, sun iso. Na farkon ya yi fari fat, hasken fitilar waya ya cinye rubutun, ba na ganin komai sai ProdID da ya ƙare da #ABU. Na biyun ya fito sarai, da takardar da sunana a gefe. Ga abin da na kwafo:

```
HP EliteBook 840 G5
Intel(R) Core(TM) i5-7300U CPU @ 2.60GHz
8192 MB
5CG819****
```

Na ukun ya buɗe wani shafi mai Main da Security da Advanced a sama, bai nemi komai ba.

Nura Layout: Kai! Amma tsaya, 2.60GHz fa. Ta abokina i5-8350U ce, 1.70GHz take nunawa. Kenan wannan ta ma fi gudu, Baba ku karɓa.

Injiniya Bishir: A'a Nura. Wannan lambar gudun zaman lafiya ce, in aiki ya taso dukansu suna haurawa, ta bakwan zuwa 3.5, ta takwas ɗin zuwa 3.6. Ga shi kuma ɗaya kai biyu, ɗaya kai huɗu. Lambar da za ku duba Malam ita ce ta farko bayan i5 da ɗan layin nan. Bakwai ce. Injin G5 ne da gaske, RAM ɗin ya cika 8GB yadda ya ce, ba makulli a BIOS, an yi shi mako na 19 na 2018. Amma janareshan na bakwai ne, ba abin da aka rubuta a talla ba kenan.

Ku ce ya sake na murfin. Rubutun ƙanana ne, toka-toka a kan ruwan azurfa, fitila na kashe shi. Ya kashe fitilar, ya kai ta bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, ya ja baya kamar taki ɗaya ya zuƙo da kyamara maimakon ya kanga wayar a jiki. In rubutun ya goge, ya ɗan karkata injin har haruffan su yi inuwa.

Maman Ilham: Me za a sake kuma? Mutum ya yi ƙarya an kama shi. Malam ku toshe lambarshi kawai. Allah ne ya rufa asiri.

Lawal Daura: Hajiya a yi mashi adalci. Macuci ba ya ɗaukar shafin da zai tona shi, har da takarda da suna, ya turo cikin awa ɗaya. Da ya san ta bakwai ce yana ɓoyewa, cewa zai yi wuta ta ɗauke, ko yaron shago ya tafi da makulli, ko "Alhaji ka yarda da ni mana". Mu kanmu a dila muke sayen su, goma ko ashirin, wani lokaci sitikar muke kallo mu rubuta. Na taɓa yin wannan kuskuren, mai saye ne ya nuna mani.

Maman Ilham: Kuskuren da kullum ribarshi ke faɗawa ɓangaren mai kaya. Ban taɓa jin wanda ya yi kuskure ya rubuta ta bakwai alhali ta takwas ce ba.

Lawal Daura: Yana faruwa, sai dai wanda ya dace ba ya zuwa ya ba da labari.

Malam Sada: Ya sake, yanzu ya fito. Amma Bishir lambar murfin 5CG842 ta fara, ba 5CG819 ba. Ko idona ne?

Injiniya Bishir: Ba idonku ba ne Malam. Yanzu labarin ya haɗu. Jikin na wani injin ne da aka yi a mako na 42, bod ɗin ciki na wani ne da aka yi a mako na 19. Mai yiwuwa jikin asalinshi na ta takwas ne, shi ya sa sitikar ta ce 8th Gen, bod ɗinshi ya mutu aka sa mashi na ta bakwai. Ko kuma akasin haka, mai bod ɗin ce ta faɗi ta fashe aka yi mata sutura da gawar wata. Daga hoto ba zan iya rantsuwa kan wanne ne ba, kuma ba zan iya cewa a Kaduna aka yi ko tun kafin ta shigo ƙasar ba. #ABU ɗin nan yana nufin an yi jikin don kasuwar Birtaniya, na Amurka #ABA ne, amma tunda murfin ba na bod ɗin ba ne, bai gaya mana daga ina cikin ya fito ba.

Nura Layout: Wato haɗe-haɗe ce. Na janye maganata ta ɗazu Baba, ku yafe ni. Amma haɗin ai ba laifi ba ne in tana aiki ko?

Injiniya Bishir: In an yi da kyau tana iya shekaru. Ni ma ina yi wa mutane, da saninsu. Abin da ba na so shi ne ban san hannun da ya buɗe ta ba, kuma ban san dalilin ba. Ruwa ne ya shiga? Faɗuwa ta yi? Wannan ba hoton da zai nuna. Abin da hoto ya nuna dai shi ne kuɗin ta takwas ake nema a kan ta bakwai da aka taɓa buɗewa.

Lawal Daura: Ni a nan muka rabu da Injiniya kaɗan. In yarinyar rubutu da karatu kawai za ta yi, injin nan zai kai ta ta gama digiri. A rage kuɗi sosai a ɗauka. Ba kowa ke buƙatar kai huɗu ba.

Injiniya Bishir: Sauran shekara biyu gare ta, sannan bautar ƙasa, sannan ƙannenta su gada. Ni ba zan sa wa malamina injin da tun yau Windows ɗinshi ta bayan gida ta shiga ba. Amma kuɗin na Malam ne.

Malam Sada: Na rubuta mashi haka, ban sa zafi ba: "Alhaji na gode da hidima, hotuna sun fito. Sai dai shafin System Information ya nuna i5-7300U, wato ta bakwai, kuma siriyal ɗin ciki da na murfi ba su zama ɗaya ba. Na san mai yiwuwa haka ta zo maka. In kana da wata G5 da shafin zai nuna i5-8250U ko i5-8350U, kuma lambobin biyu su dace, ina nan a kan dubu 260. Hotuna ukun nan dai za ka sake yi mata, da takardar."

Ya kira ni da kanshi yanzu. Ya yi ta rantsuwa bai taɓa buɗe shafin nan ba sai yau, ya ce guda shida ya saya tare, zai duba sauran biyar ɗin gobe da safe. Wannan kuma ya ce in ina so zai rage dubu 25.

Maman Ilham: Ku duba ko ya gyara tallar tukuna. In har yanzu 8th Gen ke rubuce, rantsuwar ta shan iska ce.

Lawal Daura: Dubu 25 ta yi kaɗan a kan wadda aka buɗe. Amma ku jira na goben.

Injiniya Bishir: Malam in na goben sun zo kuka daidaita, ku rubuta siriyal ɗin cikakke a takarda kafin ku tura kuɗi, ku kuma ce ya sa shi a rasit. Ranar da direba ya kira ku, ku biyo ta shago da ita a kwalinta, ko ni in same ku a tasha. Esc da F1 za mu danna a gaban direban mu gwama da takardar kafin ya tafi.

Malam Sada: In sha Allah. Hajiya na duba yanzu, tallar na nan yadda take, bai taɓa ta ba. Zan ba shi zuwa goben in gani.

Auwal Rafindadi: In kun fasa ta bakwan a turo mani lambarshi. Ni kallo kawai zan riƙa yi da ita, in dai batirin na riƙewa.